Zanen gado: 200 TC ko 800 TC, wanne zan ɗauka?

Mai zannuwan gado, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara kafin in zuba kuɗi. An ba ni aikin zannuwan gado farare na wani masauki, kuma dillalai biyu sun aiko mini da samfur. Na farko ya rubuta 200 TC, 40s, 120 GSM. Na biyu ya rubuta 800 TC, 40s, 125 GSM, kuma nasa ya fi araha. A hannu na biyun ya fi santsi da kauri. Zuciyata ta karkata gare shi, amma arahar ce take ba ni tsoro.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu nan kasuwa nauyi muke dubawa. Wanda ya fi cika hannu shi ne mai kyau, lambobin nan duk rubutun kwali ne. Tunda na biyun ya fi nauyi, ki ɗauke shi kawai.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri: Hajiya, dakata tukuna. Lambobin dillali na biyu ba za su zauna a yadi ɗaya ba, kuma zan nuna miki dalili.

Waccan TC ɗin yawan zaren da ke cikin inci ɗaya ne, na tsaye a haɗa da na kwance. Idan tsaye 110 ne, kwance 90, shi ne 200. Ita kuma 40s kaurin zaren ne, kuma a auduga lissafin a juye yake: lamba na hawa, zare na ƙara siranta. Lamba 40 na nufin sai an tara ƙulli 40, kowanne mai tsawon yadi 840, kafin a sami laba ɗaya. Don haka lamba 60 ta fi 40 siranta. GSM kuwa giram nawa murabba'in mita ɗaya yake.

To abubuwan nan uku a ɗaure suke da juna. In kin san biyu, na ukun ba zai ɓoye miki ba. Ga yadda muke ƙiyastawa:

```
GSM ≈ (TC ÷ Ne) × 25
```

Ne ɗin ita ce lambar zaren, kuma wannan na aiki ne idan tsaye da kwance lamba ɗaya ne. Gwada na farko: 200 a raba 40 ya ba da 5, sau 25 ya zama 125. Shi ya rubuta 120, maganarsa ta yi kusa. Gwada na biyu: 800 a raba 40 ya ba da 20, sau 25 ya zama 500. Wannan ya fi yawancin wandunan jins nauyi. Kuma ko an so, zare lamba 40 guda 800 ba su da wurin zama a inci ɗaya. A saƙar bai ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ɗari biyu da 'yan kai ne ƙarshen abin da wurin zai ci.

Tela, Zariya: Baba, ni na ji an ce zaren da aka murɗe biyu ko huɗu wuri ɗaya suke ƙirgawa ɗai-ɗai. Ashe ba ƙarya ya yi ba ke nan, ƙirgar ce daban?

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri: Ana yin haka, ɗana, gaskiyarka. Zaren da aka rubuta 80/2, wato sili biyu na lamba 80 a murɗe, kaurinsa ɗaya da lamba 40, sai a ƙirga guda 200 a ce 400. Amma a kai 800 a nauyin 125, sai kowane sili ya zama wajen lamba 160. Wannan zare ne na auduga mai dogon gashi, mai tsada ƙwarai, ba ya zuwa a yadin da ya fi kowa araha.

Uwar amarya: Don Allah ni ma a taimaka mini. Shaddar da zan saya wa surukina, TC nawa zan ce a ba ni? An nuna mini wata mai ƙyalli sosai.

Ɗan Kwari: Mama, shadda ba da TC muke sayar da ita ba, da sunan kamfani da daraja ake ciniki. Ki tura mini hotonta ta gefe. Amma Baba, har yanzu ina kan bakana, yadi marar nauyi ba ya jure wankin masauki.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri: Ban musa ba, in dai nauyin na zare ne. Sitaci ma nauyi ne, kuma shi ke toshe ramukan saƙa ya ba yadi santsi, sai ruwa ya taɓa shi asiri ya tonu. Hajiya, yi wannan. Ki raba kowane samfur biyu, ki wanke rabi da ruwan ɗumi da sabulu, ya bushe sarai, ki goge. Daga wankakke da marar wanki ki yanko santimita 10 tsawo, 10 faɗi, ki nisanci bakin yadin. Ki kai wa mai sayar da zinare ya ɗora a ma'auninsa, don na kicin ba ya ganin giram ɗaya da rabi. Abin da ya nuna, sau 100, shi ne GSM. Sannan ki zare 'yan zarurruka a gefe har geza ta fito, ki ɗora rula, ki ɗauki hoto da waya ki buɗa shi, ki ƙirga na inci guda. Tsaye daban, kwance daban.

Mai zannuwan gado, Kaduna: Na dawo, Baba, Allah ya saka da alheri. Na farko ya ba da giram 1.22 kafin wanki, 1.20 bayan wanki, zare kuma 110 da 90 cif. Na biyu 1.30 kafin wanki, bayan wanki ya koma 1.10, ruwan ya yi fari kamar an dama koko. Na ƙirga sau uku don ban yarda da idona ba: 76 da 68. Da na ɗaga shi a rana ina hango yatsuna ta ciki. Wallahi jikina ya yi sanyi, saura ƙiris in tura kuɗin bandir goma.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri: To kin gani. 76 da 68 sun zama 144, ba 800 ba. Ki juya lissafin: 144 sau 25, a raba 110, zai ba ki wajen 33. Ke nan zaren ya fi kusa da lamba 32, ya fi 40 kauri, an saƙa shi sako-sako, an cike da sitaci har giram 20 a kowane murabba'in mita. Saura abu ɗaya. Ki kusanta zare ɗaya ga ashana. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa tana narkewa ta dunƙule.

Mai zannuwan gado, Kaduna: Na farko toka ya bari. Na biyu ya ci wuta amma ya bar ɗan ƙullutu mai tauri, ina jin haɗi ne.

Ɗan Kwari: Na sallama a kan sitacin. Amma kada a raina haɗi, Hajiya. Masu masauki da yawa shi suke nema, don yana saurin bushewa kuma ba ya yamutsewa sosai. Ki tambaye su tukuna. In haɗin suke so, a nemo mai zare 180 ko 200 na gaskiya.

Tela, Zariya: Ni dai a zafin Afrilu ba zan kwana a kan roba ba. Anti, kin auna ko na farkon ya shige bayan wanki? Auduga tana ja, kada ki yanka daidai katifa.

Mai zannuwan gado, Kaduna: Ban auna ba, ƙanena. Gobe zan karɓo yadi ɗaya cikakke, in yi alamar santimita 50 tsaye da kwance da biro, in wanke in sake aunawa. Kuma zan ce wa dillalin farko ya yanko mini daga bandir ɗin da zai ba ni, ba wanda yake nuna wa mutane ba.