Waya ce ta kashe kasuwar fim, ko kasuwar ce ta sauya gida?

Baba Mai Kaset: Jama'a, magana ɗaya gare ni. Waya ta kashe kasuwar fim ɗin Hausa, kuma ba ta haifar da wani abin kirki a madadinta ba. Wanda yake ganin ba haka ba ne, ya zo ya gaya mini inda yaran shagona shida suke cin abinci yau.

Ɗan Fam Santa: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ka leƙo kasuwarmu ta waya a Fam Santa da hantsi ka gani. Masu gyaran waya, masu sa gilashi, masu sayar da memori da caja, masu tura fim, ko wurin sa ƙafa babu. Duk waya ce ta kawo mu. Ni da ita na yi aure.

Baba Mai Kaset: Kai ka yi aure, yaro, ni na sayar da shago. Ku da ba ku ga kasuwannin fim na Ƙofar Wambai da Bata a Kano a lokacinsu ba, bari in gaya muku yadda kuɗin yake zagayawa. Furodusa ba kaset yake sayar mana ba, kwali yake sayarwa. Zai gama fim, ya je maɗaba'a ya buga kwalin da ake sa kaset a ciki, mai hoton 'yan wasa, ya kawo mana tare da uwar kaset. Mu ke sayen kaset ɗin da babu komai a kansa, mu jera bidiyoyi a ɗaki, ɗaya na juyawa sauran na ɗauka, dare da rana, ga janareto na ruri. A lokacin da nake ganiyata kwali ɗaya wajen naira 50 muke karɓa. In fim ya ci kwali 20,000, furodusa yana da naira miliyan ɗaya ke nan. Kaset in ba kwalinsa na asali, mai saye ya san na sata ne. To lissafa bakunan da ke ci a nan: mai maɗaba'a, mai zanen fosta, yaran da ke gadin bidiyo, masu naɗe leda, ɗan dako, direban da ke kai kaya Gusau da Maraɗi da Damagaram, da mai shagon haya a kowace unguwa. Da sidi ya zo ma haka muka ci gaba, injin kawai muka sauya.

Hajiyar Gyaɗi-Gyaɗi: Wallahi Baba ya yi gaskiya. Haka aka yi wa ƙanena da aka hana acaɓa a Kano a 2013, dare ɗaya ya zama ba shi da sana'a, sai da muka haɗa masa kuɗin Adaidaita Sahu.

Malam Mai Alli: Hajiya, Allah ya saka da zumunci, amma naku daban ne. Acaɓa doka ce ta tsayar da shi saboda tsaro, fasinja bai daina son hawa ba. Na Baba babu wanda ya hana shi buɗe shago, masu saye ne suka daina zuwa.

Baba, ka ba ni dama in yi maka tambayar da za ta ɗan yi zafi. Kafin kaset ɗinka, ina mutanen Kano ke kallon fim? Plaza, Orion, Marhaba, Eldorado. Akwai mai yankar tikiti, mai juya injin majigi, mai gadin kekuna, masu shayi da tsire a bakin ƙofa. Da bidiyo ya shiga gidaje, kuma aka fara fim ɗin Hausa na kaset a 1990, matar aure da ba za ta taɓa taka sinima ba ta samu kallo a ɗakinta. Kasuwa ta ninka, kai ka samu shago, mai juya majigi kuwa ya fara ganin kujeru babu kowa. Ban ce kaset kaɗai ya durƙusar da sinima ba, akwai kallon da gari ke yi wa wurin tun asali. Amma kaset yana cikin masu tuhuma. Wani masanin tattalin arziki, Joseph Schumpeter, ya rubuta tun 1942 cewa haka kasuwa take tafiya, sabon abu ba ya zama kusa da tsohon, rushe shi yake ya yi gini a kan filinsa. Kai ma a filin wani ka yi naka ginin.

Baba Mai Kaset: Malam, ka iya magana. Amma mu mun biya furodusa haƙƙinsa. Waɗannan yaran masu tura fim fa? Sata ce kawai aka sa mata sunan sana'a.

Ɗan Fam Santa: Baba, tsakani da Allah, duk kwalin da kuka karɓa kun biya? Mu ma muna jin labarin furodusan da ya yi shekara yana zarya karɓar kuɗinsa, a ƙarshe a tattaro masa kwalayen da suka yi ƙura a ce ba su shiga ba.

Baba Mai Kaset: Akwai masu yi, ban musa ba. Bashi ne tsarin kasuwar, sai an sayar ake biya.

Mai Tace Hoto: Ni na yi aiki a zamanin biyu, kuma ina ganin duk kun ɗan kauce. Satar fasaha ba ita ce sabon abu ba, tun zamanin kaset ana gurzawa a ɓoye. Amma ɓarawon wancan lokacin sai ya sayi kaset, ya sayi inji, ya ƙona mai, ya yi dako. Kowane kwafi da kuɗinsa, don haka satar tana da iyaka. Abin da waya ta yi shi ne ta mai da kuɗin kwafi sifili. Mai tura fim zai sayi sidi ɗaya tak ranar da fim ya fito, ya zuba a kwamfuta, ya matse shi ya zama ƙaramin MP4, ya tura wa mutum ɗari a memori a 'yan nairori. Kowanne cikin ɗarin nan kuma ya tura wa abokansa da Xender kyauta, ko data ba a taɓa ba. Daga ranar da aka kai nan, kwali ya tashi daga aiki, domin babu abin da za a sa a cikinsa. Ko da duk masu turawa waliyyai ne, shagon Baba ba zai rayu ba, tunda mai kallo ya daina ajiye bidiyo a ɗaki, a tafin hannunsa yake kallo.

Kuma kuɗin bai ɓace duka ba, mai biyan ne ya sauya. Da mai kallo ke biya, yanzu mai talla ke biya. Arewa24 ta fara a 2014, ta zo da shirye-shirye masu dogon zango, daga baya furodusoshi suka kwarara YouTube. Can sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara raba kuɗin talla da kai, kuma kashi 55 cikin ɗari ne naka. Shi ya sa fim mai fitowa ɗaya da biyu ya kau, aka koma kashi-kashi duk mako. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya, kuma mai kallon da ya saba dawowa kowace Laraba ya fi wanda ya zo sau ɗaya daraja. Ku lura da yadda labari ke jan ƙafa yanzu, a yi ta gaisuwa a falo minti biyar. Wani lokacin ba rashin basira ba ne, lissafi ne.

Ɗan Fam Santa: To ka ji, Baba. Kenan yanzu ma sun fi samu, tunda da dala ake biyansu.

Mai Tace Hoto: Tsaya, ɗan'uwa, kada ka ɗauke ni da nisa. Dala ce, amma nawa? Mu ƙaddara, misali kawai, tasha na samun dala 1 a kan kowane kallo 1,000. Kashin da aka kalla sau 500,000 ya kawo dala 500. A ciki za a biya 'yan wasa, hayar gida, kyamara, abinci, mai, da ni mai tacewa. Kuma farashin tallan ba ɗaya ba ne, ya danganta da inda mai kallo yake zaune. Bahaushen da ke kallo daga Jidda ko Landan ya fi na Ɗambatta kawo kuɗi, domin masu talla a can sun fi zuba kuɗi. Wanda kuma ya karɓa a wurinku a memori, ko sau goma ya kalla, ko kwabo bai shigo ba. Tashoshi kaɗan na sama suna ci sosai. Na ƙasa da yawa sai su yi kashi shida ko bakwai, kuɗi ya ƙare, labari ya tsaya a tsakiya. In ka ga shiri ya ɓace ba sallama, yawanci abin da ya faru ke nan.

Malam Mai Alli: A nan nake ganin Baba yana da rabin gaskiya, kuma rabin mai nauyi ne. Cewa ba a haifar da komai ba, wannan ba haka ba ne. Mai tacewa, mai fassara a ƙasan allo, mai kula da tasha, mai ɗauka da jirgi marar matuƙi, duk babu su a da, ko kuma ba su kai haka yawa ba. Amma sabon aikin ba ya zuwa wurin wanda ya rasa tsohon. Jarin Baba injinan gurza ne da sanin dillalan Zariya da Sakkwato, wa ke biya, wa ke cin bashi. Ranar da kaset ya mutu, injin ya zama ƙarfen gwangwan, sanin kuma babu mai saye. Yaron da ya samu aikin tacewa ɗan shekara ashirin ne da ya iya kwamfuta. In ka haɗa lissafin gari gaba ɗaya, mai yiwuwa an ci riba, mai kallo ma ya samu fim kusan kyauta. In ka shiga gidan Baba ka yi lissafin, asara ce tsantsa.

Hajiyar Gyaɗi-Gyaɗi: Ni dai ban ga arahar ba. Da kaset ɗaya gida guda ke kallo har maƙwabta, yanzu kowace yarinya da wayarta, kuɗin data ya fi ƙarfina.

Mai Tace Hoto: Hajiya ta taɓo inda ban taɓo ba. Mai kallo bai daina biya ba ashe, kamfanin waya yake biya maimakon Baba. Kuɗin da a da ke kwana a Ƙofar Wambai, yanzu wani kaso na kamfanin layi ne, kashi 45 na tallan kuma na YouTube. Ko abin da ya rage a Kano ya kai na da, ni ba zan rantse ba.

Ɗan Fam Santa: Mu ma fa turawar ta ja baya. Yaran yanzu da kansu suke saukewa. Ni gyara na koma koya, shi ya riƙe ni. Baba, wai ina yaran naka shida?

Baba Mai Kaset: Biyu suna jan Adaidaita Sahu. Ɗaya yana POS a bakin asibiti. Ɗaya ya koma gona a garinsu, ɗaya Allah ya yi masa rasuwa. Na shidan, ƙaramin cikinsu, wanda nake yi wa faɗa kullum a kan taɓa waya a bakin aiki, shi ke riƙe wa wani furodusa tasha yanzu. Da sallar bana shi ya aiko mini da shadda.

Malam Mai Alli: Allah ya jiƙan wanda ya rasu. Ɗaya cikin shida ke nan ya tsallaka cikin harkar, Baba.

Baba Mai Kaset: Amin. Ɗaya cikin bakwai, Malam. Ka manta da ni.