"Mai uwa a gindin murhu": yabo ne ko gori?

Autar gida: Jama'a, a raba mana gardama. An sa 'yar waƙa a shafin dangi don Ranar Uwa, ta buɗe da "mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya". 'Yan uba sun ce da su ake. Yabo ne ko habaici?

Malam: Maganar baki biyu gare ta. Akwai tausayin uwa a ciki, amma an fi jefa ta ga wanda ya samu don nasa ne ke rabo. A gidan da ake da ɗaki biyu, ko wata uwar ta rasu, in ta zo a baitin farko gori za a ji. Sai baiti na biyu ya buɗe ƙofa:

Ko ta haifa, ko ta goya,
Duk uwa ce, ba wariya.

Yayan yara: Malam, ni gaɓa na ƙirga. Rabin farko 8, na biyu 7, shi ya sa take ɗingishi. A ce "ba ya cin tuwonsa gaya", ya zama 8 da 8, shi ke nan.

Malam: Ka gyara rabi. Ƙirga kaɗai ba ta isa, sai an duba nauyi. A ɗangon farko gaɓoɓi marasa nauyi su ne ta 2 da ta 4, a na biyu ta 4 da ta 6, don haka sai an rera a ji inda harshe ke tuntuɓe. Kuma tunda ƙwar biyu ce, "gaya" ta ɗaure ka da amsa-amon "ya" har ƙarshe: lafiya, gaskiya, tarbiyya. Baiti 4 ko 5 ya wadatar.

Goggo: Allah ya jiƙan kakarmu. Ranar girkinta 'ya'yan kishiya take fara zuba wa miya, nata su zo ƙarshe, wani lokaci sai katsar tukunya. In an kawo mata wannan karin maganar sai ta ce ai mai kunya a gindin murhu ɗanta ne ke cin gaya. Ko sunan ɗan farinta ba ta taɓa kira ba, balle ta fifita shi.

Kawu: Goggo, da irinta ke rabon muƙamai da mun huta. Su o'o uwa a murhu, uba a rumbu, mu ko ƙamshi sai lokacin zaɓe.

Autar gida: Kawu, don Allah kada ka ja mu can.

Yayan yara: To a musanya da "ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa".

Malam: Wannan ai faɗa ne ga ɗa. "Uwa ma ba da mama" ta fi lafiya, sai dai amsa-amon ya koma "ma", a sake waƙar daga tushe.

Goggo: Ku bar musu murhunsu. Wanda ya tsargu, dama can akwai ta a ƙasa.