Dubu 200 na adashi: kaji, POS ko ajiyar wake?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi, naira dubu 200. Ina koyarwa a Zariya, sai ƙarfe biyu nake tashi. Abu uku nake juyawa a rai: kiwon kajin gidan gona, POS, ko in sayi wake in ajiye. Ina da tsohon akurki a gida. Wanne ne kuɗin zai isa, lokacina zai ɗauka, kuma ba zai cinye min uwar kuɗin ba?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam Malam. POS kawai. Naira 100 a kan kowace dubu biyar, kullum kana ganin kuɗinka, ba abin da zai mutu maka cikin dare.

Maman Biyu: Ɗan Sabon Gari, ka manta mutumin yana aji har azahar? Kuma a cikin ɗarin nan kamfani na cire nasa. In ya sayi na'ura da tebur da lema, abin da ya rage shi ne kuɗin juyawa, mutum uku masu cirar dubu hamsin-hamsin sun kwashe shi. Ni na ɗora yaro a kan nawa, wata huɗu lissafi bai taɓa cika ba, ranar da aka nuna masa alat na bogi ya miƙa dubu 30 na rufe. POS na mai zaman wurin ne daga safe zuwa dare.

Alhaji Mai Kaji: Malam, bari in ba ka lissafin zubin da na yi wa ƙanina, sai ka gyara da farashin yau. Da kuɗinka kada ka wuce tsaki 30, domin ba tsakin ne tsada ba, abincin ne. Mun sayi tsakin a kan naira dubu 30. Kowace kaza kan ci wajen kilo huɗu da rabi kafin sati bakwai, ka ga buhu shida ke nan mai kilo 25, mun saya a dubu 22 kowanne, dubu 132. Rigakafin Gumboro da Lasota, gawayin ɗumama su da ɗiddigar katako suka ci dubu 15. Jimla dubu 177. Biyu suka mutu, muka sayar da 28 a dubu takwas-takwas, dubu 224. Riba dubu 47.

Aikin kuwa kamar awa ɗaya da rabi ne kullum, babu Juma'a babu Lahadi, kuma satin farko da na biyu sai ka tashi cikin dare ka duba wuta. In ka ga sun cure wuri guda sanyi suke ji, in sun watse jikin bango suna haki zafi ya yi yawa. Da rana kana makaranta, to wa zai canja ruwa? Ka fara shawo kan uwargida.

Amma abin da ke karya sabon shiga ba cuta ba ce kaɗai. Kaza 28 da suka kai sayarwa suna cinye fiye da buhu guda a sati, alhali girman da suke ƙarawa bai biyan abincin. Sati biyu ba mai saye, ribar nan ta tafi. Saboda haka ka samu mai gashi ko mai gidan abinci ku yi magana tun kafin ka zuba, ko ka ƙirga sati bakwai baya daga ƙaramar Sallah. Kuma kada ka fara a Maris da Afrilu, zafi na kashe manyan.

Ummu Abdallah: Ni dai turaren wuta nake haɗawa, akwai na dubu biyu akwai na biyar, mai so ya yi min magana.

Bafunto: Hajiya ba talla aka tambaya ba. Malam, in lokaci ne matsalarka, wake ya fi. Ka saya da kaka, ka tabbatar ya bushe har yana ƙaras a haƙori, ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, ka ɗora a kan katako. Kada ka riƙa buɗewa, kuma ka yi maganin ɓera, huda ɗaya ta isa ƙwari su farfaɗo. Aikin kwana biyu ne, sai leƙawa. Kullum kaya na tashi da damina.

Alhaji Mai Kaji: Ba kullum ba, Bafunto. Tambayi waɗanda suka ajiye masara a kakar 2024, farashi ya faɗi a 2025, da yawa ko uwar kuɗi ba su mayar ba. Sannan kuɗin zai kwanta wata biyar ko shida. In rashin lafiya ta taso a Janairu, a farashin da ka tarar za ka sayar.

Maman Biyu: Ga kuma maganar ɓoye abinci. Ya tambayi malamai tukuna, na ji ana saɓani a kan mai buhu biyu da mai cika sito.

Malamin Firamare: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. POS na cire shi. Alhaji, in na fara da tsaki 15 na riƙe sauran kuɗin a hannu, lissafin zai fita?

Alhaji Mai Kaji: Zai fita amma da ƙyar, domin gawayi da kwalbar rigakafi kusan kuɗinsu ɗaya ne ko 15 ko 30. Ka nemi maƙwabci mai kiwo ku raba kwalbar. Uwargida ta amince?

Malamin Firamare: Ban ma faɗa mata ba tukuna.