Abin da aka tattara kan aikin furodusa a faifan pop

Ga taƙaitawar muhawararmu, saboda masu kwas ɗin kiɗan zamani. Misalin da aka fi kawowa shi ne faifan Thriller na Michael Jackson, 1982, wanda Quincy Jones ya shirya, Bruce Swedien ya ɗauki sauti.

1. Kowa ya yarda aikin furodusa yana farawa tun kafin a kunna makirufo. Shi ke tace waƙoƙi, ya tsai da saurin kiɗa, ya zaɓi makaɗa. Waƙa tara kacal suka shiga faifan Thriller.

2. Ninka murya: mawaƙi ya rera layi ɗaya sau biyu, a haɗa su, muryar ta yi kauri. In numfashi da ƙarshen kalmomi ba su zo daidai ba, za ka ji baƙaƙe suna karo, musamman "s" da "t". A nan ake gane aikin gaggawa.

3. Matse sauti da kwamfuresa, wato na'urar da ke rage tazara tsakanin sauti mai ƙarfi da mara ƙarfi, yana daidaita murya, amma in ya yi yawa, amshi ba ya tashi sama da baiti, kunne kuma ya gaji.

An rabu kan gyaran murya da Auto-Tune. Wasu sun ce rufa wa mawaƙi asiri ne, wasu suka ce salo ne, tunda da gangan aka fito da shi fili a waƙar Believe ta Cher a 1998. Ni ina tare da na biyun, muddin mai sauraro yana jin kalmomin.