Wasiƙar neman ƙarin wa'adi zuwa ga dila a Kantin Kwari

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shagona na atamfa da leshi yana wajen Taminus, dilana kuma yana Kantin Kwari, yakan ba ni kaya in biya cikin kwana 30. Yanzu yana bi na miliyan 1 da dubu 800, wa'adin zai cika 20 ga Yuli. Tun da aka gama Babbar Sallah kasuwa ta kwanta, ga ruwan Jos kullum yana korar masu saye. Ina so in rubuta masa ya ƙara mini lokaci. Me zan ce?

Ɗan Dilimi: Hajiya, wace wasiƙa kuma? Ki kira shi kawai. Ɗan Kwari ya ga takarda sai ya ɗauka shari'a kike shirin yi da shi.

Baba na Katako: Wa alaikumus salam. Ɗana, kiran daidai ne, amma bai isa ba. Ki kira ki gaisa, ki ce saƙo na tafe, sannan ki tura. Wanda yake riƙe da littafin bashi sau da yawa yaron shago ne, maganar waya kuwa ba ta isa gare shi. Kuma ki tura yanzu, tun da saura kwanaki. Shi ma dilan akwai wanda yake jiran kuɗinsa a ranar, in ya sani da wuri zai san inda zai toshe. In kika bari rana ta wuce, kin zama wadda ta saɓa alkawari.

Kada ki rubuta "a ƙara mini lokaci" ki yi shiru. Nawa kike da shi a hannu?

Maman Hanifa: Zan iya haɗa dubu 600 kafin ranar, Baba.

Baba na Katako: To ga yadda zan sa shi:

"Bayan gaisuwa, ina magana kan kayan da na karɓa ranar 20 ga Yuni, na miliyan 1 da dubu 800. Ciniki ya ja baya tun bayan Sallah. Zan turo dubu 600 ranar 20 ga Yuli, ina roƙon a raba mini sauran gida biyu: dubu 600 ranar 20 ga Agusta, dubu 600 ranar 20 ga Satumba. Ba zan ɗauki sabon kaya bashi ba sai na gama. In kun amince, a amsa mini a rubuce."

Ki sa lambar rasit. Dalili layi ɗaya ya isa, dogon kuka sai ya sa ya fara tunanin jarin ne ya karye.

Anti Ladi Bukuru: Baba, ban yarda da 20 ga Satumba ba. Lokacin kuɗin makaranta ne, babu uwar da za ta sayi leshi. Kasuwarmu sai Nuwamba take farfaɗowa, in an fara anko na Kirsimeti. Ni nawa dilan duk Asabar nake tura masa. Ki yi dubu 150 duk mako har mako takwas, ya fi sauƙin haɗawa, shi kuma yana ganin alat hankalinsa a kwance.

Baba na Katako: Lissafinki ma a tsakiyar Satumba yake ƙarewa, 'yata. Kuma mako ɗaya ya kuɓuce, an shiga ba da haƙuri.

Sani POS: Hajiya in rance kike nema akwai masu bayarwa ta waya, cikin awa ɗaya.

Maman Hanifa: A'a ƙanena, ba rance ba. Bashin da ke kaina nake so a sassauta.

Ɗan Dilimi: Ki haɗa masa da cak mai kwanan wata na gaba, nan take zai yarda.

Baba na Katako: Kul! Sai in ta tabbata kuɗin za su kasance a asusun ranar. Dokar 1977 ta mai da bayar da cak ɗin da ba kuɗi laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu. Bashin kasuwa sai ya koma maganar 'yan sanda. Abin da ya fi, ki ware turamen da suka ƙi tafiya, waɗanda ba a yanka ba kuma lambarsu na jiki, ki tambaya ko zai karɓa a cire daga bashin.

Malama Binta: In ya ce ya yarda amma ki ƙara wani abu a kan kuɗin saboda jinkiri, wannan riba ce, kada ki sa hannu. Rubuta bashi da wa'adinsa kuwa umarni ne a Baƙara aya ta 282, ba rashin yarda ba ne.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai. Akwai turmi wajen 12 da zan iya mayarwa, sai dai an sauke farashinsu tun bayan da na ɗauko. A wane kuɗi zai karɓa, na rasit ko na yau?

Anti Ladi Bukuru: Ni nawa dilan na yau ya lissafa mini, kuma kuɗin mota zuwa Kano a kaina. Ki rubuta na rasit a wasiƙar, ki ji abin da zai ce.