Logon makarantarmu ya yi kyau a waya amma a bajo ya dagule

Uwar Biyu: Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Nazire da firamare za mu buɗe, an zana mana logo mai kala shida kamar bakan gizo, sunan makarantar da yalo a kan fari, rubutun irin mai lanƙwashe-lanƙwashen nan. A waya gwanin sha'awa, amma da aka ɗinka samfurin bajo sunan ko karantuwa baya yi. Kala zan canza ko rubutun?

Baban Yara: Wa'alaikumussalam Hajiya, ai yara kala suke so, ki bar shi haka ki sa a ƙara girman bajon kawai.

Mai Zane: Hajiya duka biyun za ki taɓa, amma fara da kala. Yalo a kan fari kusan shine haɗi mafi rauni, akwai ma'aunin da muke duba bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa, baƙi a kan fari 21 ne, ana son ƙaramin rubutu ya kai 4.5, shi kuwa yalo tsantsa a kan fari da ƙyar ya wuce 1, to kin ga ba laifin mai ɗinki bane. Da nice zan rage su zuwa biyu, bulu mai duhu misali `#1B365D` ya ɗauki sunan makaranta, yalon ki barshi a cikin zanen, rana ce ko fensir ko me kuka zana, ya zauna a kan bulun inda zai fito raɗau. In kin matsa ki ƙara ɗaya, kar su wuce uku. Kuma Baban Yara kar ka manta ba yaron bane zai zaɓi makaranta, iyaye ne, kala shida na sa wuri ya yi kama da shagon kayan wasa.

Tela: Maganar anti gaskiya ce, mu da muke kan keken surfani mun fi kowa sani. Kowace kala zarenta daban, kuma kalar nan da take shiga cikin 'yar uwarta a hankali a sikirin zare baya iya ta, sai dai ta fito layi-layi. Harafi in ya gaza milimita 5 ko 6 a tsayi cikin haruffa irin a da e toshewa yake, ya zama dunƙule. An taɓa kawo min wani da taken makaranta mai kalma tara a zagaye da bajo, sau uku ina warwarewa, ƙarshe cire taken aka yi.

Malamar Aji Ɗaya: Ni dai ki sa irin rubutun nan Comic Sans, shi yara suka fi ganewa.

Mai Zane: Malama kin yi rabin gaskiya. Abinda yasa yake musu sauƙi shine a ɗinsa da g irin wanda kike rubuta musu a allo ne, zagaye da sanda, ba a mai rumfa a ka irin ta littafi ba. Amma an yi ta amfani dashi har ya gundura, a logo yana kama da aikin gaggawa. Andika ma tana da wannan siffar, don masu koyon karatu aka yi ta, kyauta ce, kuma tana da ƙ da ɗ da ɓ in sunan ku na dasu, fon da yawa basu da su sai kiga harafi ɗaya ya fito daban a tsakiyar suna. In kuma kina son mai kumburi mai fara'a ki duba Fredoka. Ɗaya ya isa, ki ɗauki mai kauri.

Kafin ki biya kowa ki yi gwajin nan: ki buga logon baƙi da fari a faɗin santimita 3, kwatankwacin hatimin da za ki riƙa bugawa a rasit, ki miƙa wa wanda bai san sunan makarantar ba. In ya karanta ba tare da ya matso da takardar ido ba to an wuce wurin. Sannan ki karɓi fayil ɗin a SVG ko PDF, hoton da aka turo a waya fashewa yake in aka buɗa shi a allon bakin get.

Baban Yara: To ja da kore fa? Ni su nafi so.

Mai Zane: Ba laifi in basu jingina da juna ba, kusan namiji ɗaya cikin 12 nada matsalar bambance kaloli, yawanci waɗannan biyun ne, rubutu ja a kan kore ɓace musu yake.

Uwar Biyu: Nagode ƙwarai, na gwada baƙi da farin yanzu wallahi sunan ya ɓace ɓat sai rana kawai ake gani. Sai dai fa an riga an sayi yadin yunifom kuma shima bulu ne mai duhu, bajon ba zai nutse a ciki ba?

Tela: A yi masa farin ƙasa da baki a zagaye.

Mai Zane: Ni nafi son a juya shi, rubutu fari kai tsaye a kan yadin, amma ki sa a ɗinka duka biyun a ƙyalle ki turo mu gani.