Neman kalma: me za mu kira TSP da Hausa?

Malama: Salamu alaikum. Jibi zan koyar da abin da ake taƙaitawa da TSP, wato Travelling Salesman Problem a Turance, lissafin hanya mafi gajarta ta ɗan kasuwa mai zagaye. Misalina mai raba burodi ne a keke: ya fito daga gidan burodi, ya biya kowane shago sau ɗaya, ya dawo, tafiyar kuma ta zama mafi gajarta. Suna nake nema, da na dabarun biyu: zuwa shago mafi kusa kowane lokaci, sannan sauya jerin shaguna.

Ɗan Damagaram: Matsalar falke. An gama.

Baba Tsoho: Falke fa doguwar tafiya yake yi da ayari, 'yata. Mai bin gida-gida da kaya ɗan koli ne. Kuma "matsala" ba ta zauna mini ba, sai ka ce sata aka yi masa. Ki ce lissafin zagayen ɗan koli.

Mai Keke: Ni ba wayata ke nuna min hanya mafi kusa ba? Ina abin lissafi a nan?

Malama: Wannan tsakanin wuri biyu ne, Malam. A nan jeri ake nema. Ɗauki titi ɗaya miƙaƙƙe: shagon A kilomita 1 gabas da gidan burodi, B kilomita 2 yamma, C kilomita 5 gabas. In na kusa kake bi, za ka fara da A, ka juyo B, ka sake wuce A zuwa C, ka dawo: 1+3+7+5, kilomita 16. Yanzu musanya A da B: 2+3+4+5, kilomita 14. Kwaɗayin na kusa ne ya sa ka maimaita hanya. Shago uku wasa ne, amma in sun kai 9 zagayen da ke yiwuwa 181,440 ne, shi ya sa ba a gwada duka da hannu.

Ɗan Damagaram: To dabarar farko "maƙwabci mafi kusa". Amma falke na nan daram, ku mutanen Kano komai sai naku.

Baba Tsoho: Ni ba Bakano ba ne, yaro. Kuma shagon da ke kilomita 3 maƙwabcin wa? Turanci ne sanye da babbar riga. "Bi-na-kusa" ya isa. Ta biyu "musanya har a dace".

Malama: Baba, "dace" zai ruɗe ɗalibai. Ana tsayawa ne idan babu musanya ɗaya da ke rage tafiya, kuma hakan bai nuna an samu mafi gajarta ba. Wani lokaci sai an juya shaguna da yawa a tare. Zan bar shi "musayar zango".

Mai Keke: Ni dai mai shayi ne farko ko da yana bayan gari, don ƙarfe shida yake so.

Malama: Wannan wani darasin ne. Na ɗauki bi-na-kusa da zagayen ɗan koli.

Ɗan Damagaram: Ki sa falke ko a gefen allo ne.